Batirin Shago: Nawa Kake Sayen Yunit Ɗaya?

Kawuna yana da shagon kayan masarufi a wata unguwa cikin Kano, irin shagon nan da ake samun sukari da madara da sabulu da lemo mai sanyi, ga teburin cajin waya a bakin ƙofa. Ranar da na leƙa gaishe shi, na tarar ya jawo batiran inbatarsa guda biyu daga ƙarƙashin kanta ya ajiye a tsakar shago. Dogayen nan ne da ake zuba wa ruwa, waɗanda ake kira tubula. Farin gari ya taru a kawunansu kamar an barbaɗa kanwa, gefen ɗayan kuma ya ɗan kumbura. Ya ce shekara biyu da rabi ke nan da ya saye su. Da farko suna riƙe shagon tun la'asar har ya rufe, yanzu kuwa ko isha'i ba sa kaiwa inbata ta fara kuka.

Ya je Sabon Gari ya tayo. Sababbin tubula guda biyu naira 600,000. Batirin litiyam guda ɗaya, wanda aka ce zai yi masa aikin biyun, naira 900,000. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da ka san harkar nan, wanne ya fi araha?"

Na ce, "Kawu, in aka kawo maka buhun shinkafa biyu, ɗaya ya fi ɗaya kuɗi, me kake fara tambaya?"

Ya ce, "Kwano nawa ne a ciki."

To, wannan ita ce tambayar da mutane ba sa yi wa batir. Ana kallon kuɗin buhu, ba a auna abin da zai fito daga ciki. Kwanon awon wuta shi ne kilowat-awa, wato abin da mitar gida take kira yunit. Na'urar da take cin wat dubu, in ta yi aikin awa ɗaya, ta ci yunit ɗaya. Batir ba ya samar da wuta, ajiya yake yi. Saboda haka abin da kake saya da kuɗinka shi ne adadin yunit ɗin da zai karɓa ya maido maka, dare bayan dare, har ranar da zai gaza. Ka raba abin da ka kashe a kansa da wannan adadin, ka san kuɗin yunit ɗinka. Farashin da zan yi lissafi da shi a nan misali ne kawai, domin kuɗin batir yana bin dala kamar jela. Kowa ya sa farashin da ya samo a kasuwarsa, hanyar lissafin ba ta canzawa.

Abu na farko da muka yi, muka zauna muka ƙirga abin da shagon yake ci. Fanka biyu, kowace wat 60. Ƙwayayen fitila huɗu, kowanne wat 10. Firji, wanda injinsa yake tashi yana kwantawa, muka ba shi wat 100 a matsakaici. Cajin wayoyi da na'urar cirar kuɗi, wat 40. Duka wat 300. Daga ƙarfe biyar na yamma zuwa sha ɗaya na dare, awa shida, ya kama yunit 1.8. Amma inbata ba ta aiki kyauta. Wajen juya wutar batir zuwa irin wadda fanka take ci, tana zubar da kusan kashi ɗaya cikin goma a matsayin zafi. Ke nan, kafin shago ya samu yunit 1.8, sai batir ya ba da yunit biyu cif. Wannan biyun ita ce nauyin da za a ɗora masa kullum.

Yanzu a duba abin da aka rubuta a jikin batiran. Tubula an rubuta 12V 200Ah. Ka ninka 12 da 200, ka samu wat-awa 2,400, wato yunit 2.4. Guda biyu a jere sun ba da 4.8. Na litiyam kuwa an rubuta LiFePO4, 25.6V 100Ah, wato yunit 2.56. Da Kawu ya ga wannan sai ya ce ai magana ta ƙare, wanda ya fi girma shi ne ya fi sauƙin kuɗi. A nan ne mutane da yawa suke tsayawa, kuma a nan ne lissafin yake ruɗarsu.

Batirin dalma da asid tsohon hannu ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma asalin aikinsa bai canza ba har yau. A cikinsa akwai faifayen dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Duk sa'ad da yake ba da wuta, wani farin gishiri yana taruwa a kan faifayen, in aka yi caji gishirin ya narke ya koma yadda yake. Wannan kumbura da motsewar tana gajiyar da faifan, kuma iya zurfin da ka kwashe shi, iya gajiyar da zai yi. Shi ya sa masu sana'ar suke cewa kada a wuce rabi. Ke nan 4.8 ɗin nan, abin da za ka taɓa ba tare da ka cuci batirin ba bai wuce 2.4 ba. Akwai kuma ƙaramin rubutu a gefe, C20 ko C10, da ba kowa yake lura da shi ba. C20 yana nufin sai an ja wutar a hankali, cikin awa ashirin, sannan za ta kai 200 ɗin. In ka ja da sauri, abin da zai ba ka ya ragu. Shagon Kawu ba ya ja da ƙarfi sosai, don haka ragin kaɗan ne, amma ya isa ya sa yunit biyun nan ta kusa rabin abin da batiran suke da shi a zahiri.

Litiyam mai ƙarfe da fosfet yaro ne in aka kwatanta. Masu bincike a Jami'ar Texas, ƙarƙashin John Goodenough, su ne suka bayyana shi a wajen 1996 zuwa 1997. Ba shi ne irin litiyam ɗin da ke cikin wayar hannu ba. Wannan ya fi wancan nauyi, amma ya fi shi juriyar zafi, ya fi shi wuyar kamawa da wuta, ya kuma fi shi tsawon rai. A cikin akwatin akwai ƙwayoyi takwas a jere, kowace bolt 3.2, shi ya ba da 25.6 ɗin. Ana iya kwashe kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa kullum ba tare da ya damu ba, kuma saurin ja ba ya rage masa auki yadda yake rage wa dalma. Yunit biyu daga cikin 2.56 kashi 78 ne. Ashe dai buhunan biyu, duk da bambancin girmansu a ido, kwano ɗaya suke aunawa a kowane dare. Abin da ya rage shi ne dare nawa kowanne zai yi.

Inda takarda ta rabu da shago

Cikawa da kwashewa sau ɗaya shi ake kira zagaye. Takardun masu ƙera tubula sukan yi alkawarin zagaye 1,200 zuwa 1,500 in ana tsayawa a rabi. Na litiyam sukan rubuta 3,000 zuwa 6,000. Ba ƙarya suke yi ba, amma a ɗakin gwaji aka samo waɗannan lambobin, cikin sanyin digiri 25, ana cika batir taf bayan kowace kwashewa. Ban san shago ko ɗaya a Kano da yake haka ba.

Fara da zafi. Ƙa'idar da masu batirin dalma suka daɗe suna aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan 25 yana raba ransa biyu. Zafi yana hanzarta cin faifan da ke ciki, yana kuma ƙafar da ruwan. A watan Afrilu zafin Kano yana kaiwa wajen digiri 40 a inuwa. Shagon Kawu rufin kwano ne, batiran kuma suna ƙarƙashin kanta, dab da bayan firji inda iska mai zafi take fitowa. Na sa tafin hannuna a wurin, ɗumi kamar bakin murhun da aka sauke tukunya. Litiyam ma zafi yana tsufar da shi, kada wani ya ce maka ba ya ji. Bambancin shi ne yana farawa da jari mai yawa, ko an raba biyu akwai saura.

Amma abin da ya fi kashe batirin dalma a wurinmu ba zafi ba ne, yunwa ce. Shi batir ne mai cin abinci a hankali. Na 200Ah bai kamata a tura masa fiye da amfiya 20 zuwa 25 ba, kuma idan ya kai wajen kashi 80, sai ya rage karɓa da kansa, ragowar ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Daga rabi zuwa cika taf yakan nemi awa bakwai ko takwas, wani lokaci fiye. To, unguwar da ake kawo wuta awa huɗu a ɗauke fa? Batirin zai tashi daga rabi ya kai kashi 85, a ɗauke wuta, dare ya yi a sake kwashe shi. Gobe ma haka. Farin gishirin nan da bai samu ya narke ba sai ya daskare ya zama tamkar tsakuwa a jikin faifan, kuma duk wurin da ya rufe ya mutu ke nan. Alamarsa ba ta ɓuya: batir ya riƙa nuna ya cika da wuri, ya kuma ƙare da wuri. Mai shago yakan yi murna da farko, ya ce batirinsa yana saurin caji, alhali rumbun ne ya ƙanƙance.

Litiyam ba ruwansa da wannan. Ko ya kwana a rabi, ko ya yi mako bai cika ba, ba abin da zai daskare a cikinsa, sai dai yana son a cika shi jefi-jefi don ƙwayoyin su daidaita. Yawancin na 100Ah suna karɓar amfiya 50 lafiya lau, wato abin da Kawu ya kwashe a dare zai koma cikin awa biyu. Sai dai wannan ya dogara da cajar da ke cikin inbata. In amfiya 20 kawai take bayarwa, awa huɗu zai ɗauka. Ko a hakan ya shiga cikin ɗan lokacin da ake kawo wutar. A ganina wannan ita ce babbar hujjar litiyam a garuruwanmu, ta fi duk lambobin da ke kan takarda nauyi.

Don haka ban yi lissafi da alkawarin kowa ba. Tubula na ba su zagaye 900, wanda shi ne abin da na Kawu suka yi a shekara biyu da rabi. Litiyam, da takardarsa ta ce 6,000, na raba biyu na ba shi 3,000, wato shekara takwas da 'yan watanni.

Kuɗin tubula 600,000 ne. A ƙara 20,000 na tataccen ruwan batir da gyaran kawuna a tsawon zamansu. A cire abin da masu sayen mataccen batir za su biya, domin dalma tana da daraja ko ta mutu, mu ce 40,000 kowanne. Abin da ya fita daga aljihu ya zama 540,000. Wutar da ta isa shago kuwa, zagaye 900 sau yunit 1.8, ta kama 1,620. Litiyam ban ba shi ko kwabo na gwangwan ba, domin har yanzu mataccensa ba shi da kasuwa irin ta dalma. Zagaye 3,000 sau 1.8 ya ba da yunit 5,400.

```
540,000 ÷ 1,620 = 333
900,000 ÷ 5,400 = 167
```

Yunit ɗaya ta tubula naira 333, ta litiyam naira 167. Kawu ya karɓi biron ya sake bugawa da kansa a bayan kwalin madara, ya yi shiru.

Wannan kuɗin rumbu ne kawai, ba a sa kuɗin hatsin da ake zubawa ba. Kowane batir yana cin nasa kason. In ka zuba wa dalma yunit goma, wajen takwas zai maido, sauran sun tafi a zafi da tafasar ruwa. Litiyam yakan maido tara da rabi. In aka haɗa da asarar caja da ta inbata, kafin yunit ɗaya ta isa ga fanka, mita ta ƙirga kusan 1.54 ta hanyar tubula, 1.30 ta hanyar litiyam. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Nijeriya ta kai kuɗin yunit na rukunin A naira 225, daga baya aka ɗan sassauta. Mu ɗauki 200 don sauƙin lissafi. Wutar caji ta zama naira 308 a tubula, 260 a litiyam. Jimilla ke nan, 641 da 427. Wanda yake caji da janareta, inda yunit take ninka wannan kuɗi, tazarar ta fi faɗi. Mai sola kuwa zai ce rana kyauta ce. Haka ne, amma faifan sola ba kyauta ba ne, kuma mai tubula sai ya ƙara faifai kafin ya samu abin da maƙwabcinsa mai litiyam yake samu.

Maganar da ɗan kasuwa ya fi ni sani

Da Kawu ya gama duba lissafin sai ya ce, "Na ji, ɗana. Amma dubu ɗari ukun nan da zan ƙara, in na sa su a kaya, juyawa za su yi. A cikin akwati kuwa kwanciya za su yi."

Gaskiyarsa, kuma duk lissafin da ya tsallake wannan bai san kasuwa ba. Na tambaye shi abin da kuɗi suke kawo masa a shekara bayan an cire komai, muka tsaya a kan kashi 30 cikin ɗari. Ke nan 300,000 za su kawo 90,000 a shekara. Shagon yana cin yunit 657 a shekara daga batir, saboda haka ribar da ya bari ta kama naira 137 a kan kowace yunit. Tazarar da ke tsakanin batiran naira 214 ce. Ka cire 137, saura 77. Litiyam yana nan gaba, amma ba da ratar da masu tallarsa suke faɗa ba.

Sai dai wannan rangwamen na shekara biyu da rabi ne kawai. Ranar da tubula suka mutu, Kawu zai sake zaro kuɗin sababbi daga cikin jarin shago, kuma ba a farashin yau ba. Duk wanda ya ga yadda naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 ya san abin da kayan waje suka zama. Cikin shekara takwas sai ya sayi tubula sau uku, ya shiga na huɗu. Daga saye na biyu, shi ne wanda ya fi zuba kuɗi a batir, ba mai litiyam ba.

Akwai lamba ɗaya da nake so mai shago ya riƙe fiye da sauran. In ka raba 900,000 da naira 333, za ka samu yunit 2,700, wato zagaye 1,500, shekara huɗu da ɗan ɗoriya. Wannan shi ne wa'adin da litiyam ɗin zai yi kafin ya yi kunnen doki da tubula. Duk daren da ya ƙara bayan nan riba ce. In ya mutu kafin nan, an yi asara. Saboda haka garantin shekara biyar a rubuce, daga dilan da yake da shago tsayayye, ya rufe wa'adin gaba ɗaya. Garantin shekara ɗaya na fatar baki bai rufe komai ba.

Na dage a kan wannan ne domin haɗarin litiyam a kasuwarmu ba ya cikin sinadarinsa, yana cikin akwatin. Akwati ne rufaffe mai sheƙi, ba ka ganin abin da ke ciki. Ana haɗa wasu da ƙwayoyin da masana'anta ta ware saboda ba su cika awo ba, wasu ma da tsofaffin da aka cire daga wani wuri. A rubuta 100Ah, alhali 70 ne. Irin wannan ba zai ma riƙe shagon awa shida ba. In yana ba da yunit 1.3 a dare, ya gaza a zagaye dubu, yunit ɗinsa ta kusa naira 700, ninki biyu na tubula. Kuma da yake ƙwayoyin a jere suke, raunin guda ɗaya shi ne raunin duka. Da ta ƙare, sai allon tsaron da ke ciki, wanda ake rubutawa BMS, ya yanke wutar gaba ɗaya ko da sauran bakwai suna da saura.

Ana iya gane wannan tun a makon farko, kuma ba ya buƙatar injiniya. A cika batirin taf, a kashe wutar waje, a ɗora masa kayan da aka san cinsu kuma ba sa tashi suna kwantawa, kamar fitilu da fankoki, a duba agogo. Mai yunit 2.56, bayan kason inbata, ya kamata ya ba da wajen 2.3. A kan wat 500 zai yi kusan awa huɗu da rabi. In ya mutu a awa uku, a mayar da shi tun takardar saye ba ta yi datti ba. Nauyi ma yana faɗin gaskiya. Ƙwaya ɗaya mai 100Ah tana kai kilo biyu, takwas sun kai sha shida kafin a sa akwati da wayoyi. Wanda ka ɗaga da hannu ɗaya kamar jakar makaranta, akwai magana. Kada kuma a dogara da sandunan da ke fuskar inbata. Ƙarfin litiyam kusan a wuri ɗaya yake tsayawa daga kashi 90 har zuwa 20, don haka tsohuwar inbata za ta riƙa nuna a cike yake, sai kawai a ga duhu. Lambar da allon batirin kansa yake nunawa ita ce abin dubawa.

Ita ma inbatar sai an tambaye ta. Wadda aka ƙera don dalma takan tura caji mai ƙarfi lokaci-lokaci, har sama da bolt 30, don ta motsa asid. A menu ana rubuta shi Equalization. Wannan magani ne ga tubula, amma ga litiyam cuta ne, dole a kashe shi. Mai ƙwaya takwas yakan so a tsayar da cajinsa tsakanin bolt 28 da 28.8, gwargwadon abin da takardarsa ta ce. In inbatar ba ta da wurin saiti, to kuɗin sabuwa ya shiga lissafi. In ta ci 250,000, ta ƙara naira 46 a kan kowace yunit. Bai rushe lissafin ba, amma kuɗi ne da za a nema a rana ɗaya.

Akwai shagon da ba zan ba shi shawarar litiyam ba. Wanda yake layin da wuta take zama, batirinsa ba ya aiki sai sau ɗaya a mako, ba zai taɓa cinye zagaye dubu uku ba. Shekaru ne za su tsufar da batirin, ba aiki ba. Tubula a irin wannan wurin kullum a ƙoshe suke, suna iya yin shekara huɗu ko biyar, kuma ribar da dubu ɗari ukun za su kawo a kasuwa ta cinye bambancin. Haka wanda zai ci bashi mai nauyi don ya saya, ko wanda bai tabbata zai kai shekara uku a shagon ba. Amma busasshen batirin dalma, wanda ba a zuba wa ruwa, shi kam ban ga wurinsa a shagon da yake kwashewa kullum ba. Zagayensa bai kai na tubula ba, in zafi ya ƙafar da shi kuma ba ta inda za a ƙara masa ruwa.

Wanda ya zauna a kan tubula, yana da abin yi da zai sauko da naira 333 ɗin nan, ko ya hana ta hawa. Yawancin inbatoci ba sa yanke wuta sai batir ya sauka bolt 10.5, wato 21 a guda biyu, kuma a lokacin an riga an kwashe shi ƙarƙaf. Wanda ake yi wa haka kullum, ga yunwar caji, zai iya mutuwa a zagaye 400, yunit ɗinsa ta koma naira 750. In akwai wurin saiti, a ɗaga wurin yankewar zuwa wajen 23.5. Batirin da ya huta ba kaya a kansa, in ya nuna 12.7 a cike yake, in ya nuna 12.1 ko 12.2 ya kai rabi. A tabbata ya cika taf ko da sau ɗaya a mako, ko da janareta ne. Ruwan da za a ƙara masa tatacce ne kawai, ba na rijiya ba, ba na leda ba, ba kuma asid ba. Kada a haɗa sabo da tsoho a jere, domin tsohon zai ja sabon ƙasa. In ya mutu a sayar da shi a rufe yadda yake. Dalma guba ce, musamman ga yara, kada a bari a fasa shi a tsakar gida ko a tuttular da ruwansa a kwata.

Kawu bai yanke shawara a ranar ba. Ya ce zai koma wurin dilan da tambaya uku: garantin shekara nawa zai rubuta masa, ko ya yarda a gwada batirin da agogo a dawo da shi in bai cika ba, da kuma ko inbatarsa tana da saitin litiyam. Kafin na tafi muka kama firjin muka matsar da shi ɗaya ɓangaren, ya sa yaron shago ya share wani lungu kusa da taga inda iska take shigowa, ya kawo katako biyu ya shimfiɗa a ƙasa. Ya ce ko wanne ya saya, a nan zai zauna.